Wasiƙar Neman Shaidar Malami: Yadda Ɗan Magama Zai Roƙi Lakcara Ya Tsaya Masa

Duk wanda ya san Magama ta Jibiya ya san gari ne na hada-hada. Nan ne bakin iyaka, daga nan sai Ɗan Isa, sai Maraɗi, kuma yawancin samarin da suka gama jami'a suka dawo gida ba su zauna haka nan ba. Wani yana rubuta wa kawunsa lissafin buhunan da aka ɗora wa mota, wani yana wajen masu canjin sefa, wani kuwa yana koyarwa a makarantar kuɗi kafin Allah ya kawo wani abu. A cikinsu akwai masu son komawa karatu domin digiri na biyu a fannin da ake kira kimiyyar bayanai, wato ilmin da ya haɗa lissafi da ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta domin a tace tarin alƙaluma a fitar da ma'ana daga cikinsu. Sukan cike fom, su haɗa takardun sakamako, sa'an nan su tsaya cik a wuri guda, inda makarantar ta ce a kawo sunayen malamai biyu ko uku da za su ba da shaida a kan mai nema. Samari kan kira irin wannan malami rafari, amma ba mai busa usur a filin ƙwallo ba ne. A kan wasiƙar da za a aika wa wannan malami muke so mu yi magana a wannan mako, domin mun ga yadda layuka goma sha biyar kan gyara ko su ɓata shirin shekara guda.

Da farko sai mu san abin da makarantar take nema. Takardar sakamako ta riga ta gaya mata makin da ɗalibi ya ci. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ya ci shi, da kuma ko zai iya jure aikin da ke gaba. Masu tantancewa a wannan fanni idonsu yana kan abu uku: ko mutum ya ƙware a lissafin da fannin ya dogara a kai, musamman aljabara da ilmin yiwuwa da ƙididdiga; ko ya taɓa rubuta umarni da kansa a Python ko R har ya yi aiki; da kuma ko ya taɓa riƙe alƙaluma na gaske, masu datti da giɓi, ya kai su ga wani sakamako ba tare da ya yi musu kwaskwarima ba. Wanda zai iya shaidar waɗannan kuwa sai wanda ya gani da idonsa.

Saboda haka ne muke cewa kada a ruɗu da girman muƙami. Da yawa kan ruga wajen shugaban tsangaya ko wani babban farfesa da bai taɓa koya musu ko darasi ɗaya ba, wai don sunansa ya fi nauyi. Abin da irin wannan zai iya rubutawa bai wuce ya ce yaron ɗalibinsu ne, mai ladabi ne, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Wannan shaidar hali ce, tana da kyau, amma ba ita aka tambaya ba. Ƙaramin lakcara da ya duba furojet ɗinka na shekarar ƙarshe, ya zauna da kai kuna faɗa a kan babi na huɗu, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Bayansa sai wanda ya koya maka ƙididdiga ko rubuta umarnin kwamfuta kuma ka ci da kyau a wajensa. In an nemi uku, kamar yadda Jami'ar Oxford take nema a yawancin kwasa-kwasanta na gaba da digirin farko, to na ukun yana iya zama wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa lokacin hidimar ƙasa, in har aikin ya shafi alƙaluma. Dangi da shugabannin unguwa da na wurin ibada, duk yadda suke ƙaunarka, ba wurinsu ba ne nan.

Malamin ba ya tuna ka

Wannan ita ce gaskiyar da ɗalibi ba ya son ji. Lakcara a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Ahmadu Bello ta Zariya, yakan tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai kowace shekara. Kai kana tuna shi domin shi ɗaya ne, shi kuwa ku kuna da yawa. Daɗin daɗawa, waɗanda suka yi karatu a 'yan shekarun nan karatunsu ya yi ta yankewa: annobar korona ta rufe makarantu a 2020, sa'an nan ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, wata takwas cur. Aji ya hau kan aji, fuskoki suka cakuɗe. To aikin wasiƙarka na farko shi ne ta tuna wa malam ko wane ne kai, na biyu kuma ta sa masa a hannu kayan da zai gina shaidarsa da su.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce saurayi ne ɗan Magama, ya karanta lissafi, ya fita da maki 3.90 cikin 5.00, wato babban mataki na daraja ta biyu, wanda a tsarin jami'o'inmu yake farawa daga 3.50. Furojet ɗinsa a kan farashin gero ne a kasuwar Jibiya da ta Maraɗi, kafin da kuma bayan rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi a watan Agusta na 2019. Ya tattara farashin mako-mako daga littattafan 'yan kasuwa. A cikin aikin ya ci karo da matsaloli uku. Wasu sun rubuta farashin tiya, wasu na buhu, sai da ya mai da su ma'auni ɗaya. Farashin Maraɗi da sefa yake, kuma sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, alhali naira tana hawa da sauka, don haka dole ya zaɓi ko canjin banki zai bi ko na 'yan canjin bakin iyaka. Ya zaɓi na bakin iyaka, domin da shi mai saye da mai sayarwa suke ciniki, ya kuma rubuta dalilinsa. Na uku, akwai makonnin da babu rubutu ko kaɗan. Bai cike gurbinsu da sifiri ba, domin sifiri yana nufin an ba da gero kyauta ke nan, sai ya bar su a matsayin giɓi ya faɗi adadinsu.

Waɗannan abubuwa uku su ne dukiyar yaron nan. Duk wanda ya san fannin ya san cewa gyaran alƙaluma kafin a fara lissafi shi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ake gane mai gaskiya da mai hankali. Amma malam ya manta da su sarai. In wasiƙa ba ta ambace su ba, ba za su shiga shaidar ba.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance. Da Turanci za a rubuta ta, tun da da shi ake aikin jami'a, amma ga ma'anarta da Hausa. A layin kan magana na imel sai a rubuta abin da malam zai gane tun bai buɗe ba, misali Reference request: MSc Data Science, due 5 January, a biyo da suna da lambar ɗalibta.

"Ranka ya daɗe, Dakta. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Ni ne wane, mai lamba kaza, na gama a sashen lissafi a shekara kaza. Ka koya mini ilmin yiwuwa a aji uku, inda na ci A, kuma kai ka duba furojet ɗina a kan farashin gero tsakanin Jibiya da Maraɗi, wanda muka yi ta kai da kawowa a kan wane canjin sefa ya kamata a yi amfani da shi.

"Ina neman gurbin digiri na biyu a kimiyyar bayanai a jami'a kaza. Sun ce suna son shaida a kan ƙarfin ɗalibi a lissafi da ƙididdiga, da kuma iya aiki da alƙaluma shi kaɗai. Shi ne nake roƙo, ko kana ganin ka san aikina har da za ka iya rubuta mini shaida mai ƙarfi? In ka amince, zan shigar da sunanka da adireshin imel ɗinka na jami'a, su kuma za su aiko maka da hanyar da za ka tura kai tsaye. Zan so ta isa kafin ran 5 ga Janairu.

"Na haɗo da takardar sakamakona, da taƙaitaccen tarihin karatu da aikina, da bayanin dalilin neman kwas ɗin, da shafi ɗaya da ya taƙaita furojet ɗin. Tun da na gama ina riƙe da lissafin kaya a wani shago a Magama, na kuma koyi Python da kaina na sake yin lissafin furojet ɗin da shi. In lokaci ba zai ba ka dama ba, ba komai, sai dai ka sanar da ni domin in nemi wani da wuri. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Mai karatu zai lura wasiƙar ba ta da tsawo, kuma ba ta da kuka. Ba ta ce iyayena talakawa ne ba, ba ta ce kai ne gatana bayan Allah ba. Mun san a al'adarmu ba a afka wa babba da buƙata sai an yi doguwar gaisuwa, amma mutumin da yake karanta saƙo a waya tsakanin lacca da lacca, gaisuwar layi ɗaya ta ishe shi. Ladabin yana cikin rage masa wahala.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci a ciki ita ce "mai ƙarfi". In ka ce kawai a rubuta maka shaida, kusan kowane malami zai ce to, don kunya, sa'an nan ya rubuta layi biyar marasa gishiri. Masu tantancewa kuwa sun saba da karanta irin wannan, sun san cewa yabon da babu misali a cikinsa alama ce ta malamin bai san ɗalibin ba, ko kuma ya san shi amma ba shi da abin faɗi. Da ka tambaya ko zai iya rubuta mai ƙarfi, ka buɗe masa ƙofar da zai janye cikin mutunci. Kuma akwai alamun da ake ganewa. Malamin da ya amsa da tambaya, ya ce turo mini babi na huɗu in sake dubawa, ko ya ce wane irin kwas ne wannan, to wannan zai yi aiki. Wanda ya ce "ba matsala" kurum, sa'an nan mako biyu suka wuce bai buɗe takardun ba, sai a fara tunanin wani tun rana ba ta faɗi ba.

Lissafin kwanaki

A misalinmu a ce makarantar za ta rufe karɓa ran 15 ga Janairu. Me ya sa wasiƙar ta ce 5 ga wata? Domin a bar kwana goma na ko-ta-kwana. Ita kanta wasiƙar ya kamata ta tafi mako takwas kafin rufewa, wato wajen 20 ga Nuwamba, saboda ƙarshen Disamba lokacin hutu ne da tafiye-tafiye, ofisoshi a kulle. In mako guda ya wuce babu amsa, sai a aika gajeren saƙon waya, a ce an turo imel ran kaza. In ya amince, tuni ɗaya a tsakiyar Disamba, ɗaya kuma a farkon Janairu, sun wadatar. Kiran waya kullum safe da yamma ba ya sa a yi sauri, sai dai ya sa a daina ɗauka.

Ga mutumin Magama wannan lissafi ba wasa ba ne. Ba mu manta ba a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya aika saƙo. Ko ba a katse ba, wanda ke zaune a bakin iyaka ya san yadda layi kan ɗauke ba sallama. Haka kuma a duba sa'ar rufewa, ba ranar kaɗai ba. Oxford da ƙarfe goma sha biyu na rana agogon Ingila take rufewa, wanda a Janairu ya yi daidai da ƙarfe ɗaya na rana a nan. Wanda ya ɗauka yana da lokaci har tsakar dare ya makara.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan malam ya amince, wanda da yawa ba su sani ba. A da, ɗalibi kan karɓi wasiƙa a ambulan da aka liƙe, malam ya sa hannu a bakin liƙin. Yanzu yawancin makarantun waje, da wasu na gida, ba sa bari takardar ta bi ta hannun ɗalibi. Kai za ka shigar da suna da adireshi, na'urarsu ta aika wa malam saƙo, shi ya buɗe ya amsa 'yan tambayoyi ya ɗora wasiƙarsa. Abu biyu kan lalace a nan. Na ɗaya, saƙon kan faɗa cikin akwatin Spam, malam yana jira, kai kana jira, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. Maganinsa, ranar da ka shigar da sunan ka sanar da shi, ka gaya masa sunan makarantar da zai nema. Na biyu, makarantu da yawa sun fi yarda da adireshin jami'a, irin mai ƙarewa da .edu.ng, fiye da na Gmail ko Yahoo, don kowa yana iya buɗe waɗannan da sunan wani. Malamanmu kuwa da yawa sun daɗe ba su leƙa adireshinsu na jami'a ba, wasu ma sun manta kalmar shiga. A tambaya tun farko. In babu yadda za a yi sai na kansa, to wasiƙar ta kasance a kan takarda mai tambarin sashe, da sa hannu da hatimi. Kuma kada a taɓa shigar da sunan malami kafin a nemi izninsa. Babu abin da ke ɓata wa mutum rai kamar ya ga saƙo daga wata ƙasa ana jiran shaidarsa a kan wanda bai ko gaishe shi ba.

Masu neman jami'o'in Amirka za su ga wata tambaya: ko ka yafe haƙƙinka na karanta abin da malam ya rubuta? Wannan ya samo asali ne daga wata dokar ƙasar ta 1974 da ta ba ɗalibi ikon duba takardunsa na makaranta. A ganinmu a yafe, wato a zaɓi inda aka rubuta waive. Shaidar da aka san ɗalibi zai karanta ba ta da nauyin wadda aka rubuta a asirce, kuma in ba ka amince da malamin ba har haka, to tun farko ba shi ya kamata ka zaɓa ba.

"Rubuto in sa hannu"

Yanzu sai mu zo kan abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Sau da yawa malam zai ce, je ka rubuto, ka kawo in sa hannu. Ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi masa yawa. Amma akwai haɗari. Makarantu da dama sun hana ɗalibi ya rubuta shaidar kansa, kuma in suka gano suna iya soke takardar neman gaba ɗaya. Ganowar kuwa ba ta da wuya: salon Turancin shaidar ya zo ɗaya da na bayanin da ɗalibin ya rubuta, kuskuren nahawu iri ɗaya a wuri biyu, ko kuma wasiƙun malamai biyu su fito kamar tagwaye. Wani lokaci ma takardar PDF tana ɗauke da sunan mai kwamfutar da aka rubuta ta a ciki.

Hanyar da muke ganin ta fi ita ce ka ce, "Ranka ya daɗe, sun hana in rubuta da kaina, amma zan kawo maka bayanan da za su sauƙaƙa maka." Sai ka kai shafi ɗaya na gaskiya tsagwaronta, ba yabo: darussan da ya koya maka da shekarunsu da makin da ka ci; taken furojet; makonni nawa na farashi ka tattara, nawa ne babu; yadda ka daidaita tiya da buhu; wane canji ka bi da dalili; da abin da lissafin ya nuna. Da wannan a gabansa, rabin sa'a ta ishe shi ya rubuta da bakinsa, kuma hukuncin nasa ne: shi zai ce kana cikin kashi nawa na sama a ɗaliban da ya koyar, tambayar da fom ɗin makarantu da yawa kan yi. In da hali, kai shafin da ƙafarka ya fi. Daga Magama zuwa Katsina tafiyar safiya ce duk da shingayen hanya, kuma malamin da ya ga fuskarka ya fi saurin tunawa da wanda ya ga lamba.

Ga 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da suka yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, akwai ƙarin abu guda. Digirinsu na farko shekara uku ne, makinsu kuma a kan 20 ake lissafa shi, inda 14 ya riga ya zama sakamako mai kyau, 16 kuwa sai gwanaye. Mai tantancewa da bai san tsarin ba zai iya mai da 14 cikin 20 ya zama kashi 70 cikin ɗari ya wuce, bai san darajarsa ba. Saboda haka a roƙi malam ya bayyana matsayin ɗalibin a cikin ajinsa. In da Faransanci ya rubuta kuma makarantar ta masu Turanci ce, za a buƙaci fassara daga mai fassarar da hukuma ta sani, wannan kuma yana cin kwanaki da kuɗi, sai a ƙara mako biyu a kan lissafin da muka yi a sama. Cibiyar nazarin lissafi ta Afirka da ake kira AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, kuma ta saba da ɗalibai daga tsarin biyu, don haka tana cikin wuraren da ɗan Magama da ɗan Maraɗi za su iya dubawa tare.

In kana neman makarantu huɗu, ka faɗa wa malam duka huɗun a wasiƙar farko, kowace da ranar rufewarta, domin ya rubuta sau ɗaya ya riƙa sauya suna. Ka kuma roƙe shi ya duba sunan kafin ya tura, don ana samun shaidar da ta isa wata jami'a tana yabon wata. Bayan ya tura, shafinka zai nuna an karɓa. Ran nan sai ka aika godiya, kuma in sakamako ya fito, ko an samu ko ba a samu ba, ka sanar da shi. Wanda bai samu bana ba zai sake nema baɗi, kuma wasiƙar tana nan a kwamfutar malam, kwanan wata kawai za a canza.